Ƙwallo a Cikin Gwangwani: Daga Ina Kashi Biyu Bisa Uku Ya Fito?

A samo gwangwani mai miƙaƙƙen jiki, wanda faɗin bakinsa da na gindinsa ɗaya ne. A samo ƙwallo da zai shige shi cif-cif, ya taɓa bangon gwangwanin a kewaye, ya zauna a gindi, kansa kuma ya yi daidai da baki. A cika gwangwanin da ruwa maƙil, sannan a danna ƙwallon a hankali har ya nutse. Ruwa nawa zai zube?

Idan aka jefa wa jama'a wannan tambaya, wani zai ce rabi. Wani zai dubi yadda ƙwallon ya toshe gwangwanin ya ce ai sai kashi uku bisa huɗu, ko ma fiye. Amsar tana tsakaninsu. Kashi biyu bisa uku na ruwan ne zai zube, kashi ɗaya ya rage a lunguna na sama da na ƙasa. Ba kintace ba ne, kuma ba kusan haka ake nufi ba. Ko ƙwallon bai wuce ƙwayar gero ba, ko ya kai girman duniyar nan, muddin gwangwanin ya rungume shi daidai, rabon ba ya motsi.

Masu lissafi suna kiran siffar gwangwani silinda. Abin da muke aunawa kuma shi ne sararin da abu ya cinye, wato yawan ruwan da zai kora idan ya nutse, kuma a nan za mu kira shi girma. Bari mu ɗauki ƙwallo guda mu riƙe shi har ƙarshe: faɗinsa santimita 10, saboda haka daga tsakiyarsa zuwa fatarsa santimita 5 ne ta kowace fuska. Wannan nisa za mu kira shi rabin faɗi. Gwangwanin da zai rungume shi faɗinsa santimita 10, tsayinsa ma 10.

Girman gwangwani ba ya wahalar da kowa. Filin gindinsa da'ira ce, ana samun faɗin filin da'ira ta hanyar ninka rabin faɗi da kansa, a kuma ninka da lambar nan π, wadda take kusan 3.14. Biyar sau biyar 25, sau π ya ba da kusan 78.5. A ninka da tsayi, wato 10, a sami mililita 785. Littafin makaranta kuma yana ba da ƙa'idar girman ƙwallo a matsayin 4/3 × π × r³, inda r yake nufin rabin faɗi, ita kuma ta ba da kusan mililita 524. Idan aka raba 785 gida uku, kowane gida 262 ne, gida biyu kuma 524. Lissafi ya hau.

Sai dai wannan bai gamsar ba, domin ƙa'idar littafin ita kanta daga wannan rabo aka ciro ta. Wanda ya kafa hujja da ita ya zagaya ne ya dawo inda ya tashi. Tambayar gaskiya ita ce, me ya kawo uku cikin maganar? Ƙwallo ba shi da kusurwa, ba shi da gefe, babu abin da ido zai kama ya ce ga uku a jikinsa. Kuma da a ce akwati ne aka saka shi a ciki, mai tsawo 10, faɗi 10, zurfi 10, da rabon ya zama 524 cikin 1000, lamba marar kan gado wadda π take maƙale a cikinta. A gwangwani kuwa π tana ɓangarorin biyu, sai ta share kanta, a bar mu da biyu da uku tsaf. Ukun nan tana ɓoye ne a cikin wani abu na uku da ba a ambata ba tukuna, shi ne mazurari.

Mu raba aikin biyu don sauƙi. A tsaga ƙwallon ta tsakiya, a ɗauki rabin sama a kifa shi a kan tebur. A gefensa a ajiye rabin gwangwanin, mai tsayin santimita 5. A gefen wannan kuma a tsayar da mazurari a kan tsininsa, baki sama, tsayinsa santimita 5, faɗin bakinsa daidai da na gwangwanin. Duka ukun a ɗauka curarru ne, ba su da rami a ciki. Yanzu a zo da wuƙa a riƙa yanka su a kwance, kamar yadda ake yanka albasa zobe-zobe, duka ukun a tsayi ɗaya. Kowace yanka za ta bayyana da'ira uku, mu kuma filinsu za mu gwada.

A yanka a tsayin santimita 3 daga tebur. Da'irar gwangwani ba ta canzawa, rabin faɗinta 5 ne ko'ina, filinta 25 sau π. Mazurarin nan kuwa yana buɗewa ne daidai da yadda yake hawa, tunda a tsayin 5 rabin faɗinsa 5. Saboda haka a tsayin 3 rabin faɗinsa 3 ne, filinsa 9 sau π. Saura ƙwallo, kuma a nan ne ake buƙatar natsuwa.

Ka tsaya a tsakiyar ƙwallon, a kan tebur. Ka hau sama tsaye santimita 3, ka iso tsakiyar da'irar da wuƙa ta yanka. Daga nan ka miƙe a kwance har ka taɓa fatar ƙwallon. Wannan tafiya ta kwance ita ce rabin faɗin da muke nema. Daga inda ka taɓa fata kuwa, idan ka ja layi ya koma tsakiyar da ka taso, tsawonsa 5 ne, don kowane ɗigo a fatar ƙwallo nisansa ke nan daga tsakiya. Layukan nan uku sun yi alwatika mai kusurwa irin ta lungun ɗaki, kuma ƙa'idar da ake jingina wa Fitagoras ta ce idan aka ninka kowane ɗaya daga gajerun gefuna biyu da kansa aka haɗa, za a sami dogon gefe ninke da kansa. Dogon ya ba da 25, na tsaye ya ba da 9, dole na kwance ya ba da 16. Rabin faɗin da'irar 4 ne ke nan, filinta 16 sau π.

A dubi lambobin: ƙwallo 16, mazurari 9, gwangwani 25. Sha shida da tara, ashirin da biyar.

Kada a ce dace ne. A hau tsayin santimita 4: mazurari ya ba da 16, ƙwallo ya ba da 25 a debe 16, wato 9, jimla 25. A sauko tsayin 2: mazurari 4, ƙwallo 21. A kan tebur, mazurari tsini ne kawai, ba shi da fili, ƙwallo kuma ya cika 25. A can ƙololuwa abin ya juye, ƙwallo ya ƙare a ɗigo, mazurari ya cika 25. Dalilin bai ɓuya ba. Abin da ƙa'idar Fitagoras take debe wa ƙwallo a kowane tsayi shi ne tsayin ninke da kansa, kuma wannan lamba ita ce ainihin abin da mazurarin yake da shi a wurin. Duk abin da ƙwallo ya rasa yayin da yake tsukewa, mazurari ya samu yayin da yake buɗewa, babu ragi babu ƙari.

To idan a kowane tsayi yankan ƙwallo da na mazurari suka haɗu suka cika yankan gwangwani, tarin yankan ma haka zai kasance. Rabin ƙwallo da mazurari, a haɗe, girmansu daidai yake da rabin gwangwani. Da zarar mun san kason mazurari, na ƙwallo shi ne abin da ya rage.

Kason mazurari ɗaya bisa uku ne. Ana iya gwada shi a gida: a naɗe kwali a yi mazurari mai baki da zurfi daidai da na wani gwangwani, a riƙa ɗibar yashi ana juyewa, awo uku zai cika shi. Amma yashi shaida ce kawai, dalilin kuwa yana cikin akwatin nan mai 10 ta kowane gefe. Akwatin yana da fuska shida. A sa ɗigo a tsakiyarsa, a ja layi daga ɗigon zuwa kowace kusurwa. Akwatin zai rabu zuwa dala shida iri ɗaya sak, kowace gindinta fuska guda ce ta akwatin, tsininta kuma yana tsakiya. Kowace dala kashi ɗaya bisa shida ce na akwatin. Amma tsayinta rabin na akwatin ne, santimita 5, don haka abin da ya kamata a gwada ta da shi rabin akwati ne, wanda suke da gindi ɗaya da tsayi ɗaya. Ɗaya bisa shida na cikakken akwati kuwa ɗaya bisa uku ne na rabinsa. Ga ukun da muke nema, ta fito daga fuska shida da aka raba biyu.

Daga dala zuwa mazurari taki ɗaya ne. Idan aka yanka dalar a kwance, murabba'i ne yake bayyana, kuma da'irar mazurarinmu a wannan tsayi tana zama cikin murabba'in cif, tana taɓa gefensa huɗu. Haka da'irar gwangwani take zama cikin murabba'in akwati. Da'ira a cikin murabba'inta kullum kaso ɗaya take ci, kusan 785 cikin 1000, ƙarama ce ko babba. Tunda kaso ɗaya aka rage wa kowane ɓangare, rabon da ke tsakanin dala da rabin akwati shi ne tsakanin mazurari da rabin gwangwani. A lambobinmu, rabin gwangwani mililita 393 ne, mazurari ya ɗauki 131, rabin ƙwallo ya tashi da 262. Ɗaya, biyu, uku. Abin da ya faru a sama shi ne a ƙasa, don haka cikakken ƙwallo biyu bisa uku ne na cikakken gwangwani.

Mai karatu mai tsantseni zai iya tsayar da mu a nan, kuma yana da gaskiya. Yankan da ba shi da kauri ba shi da girma, ta yaya tarin babu zai zama wani abu? Idan kuma yana da kauri, to gefen yankan ƙwallo a karkace yake, samansa ya fi ƙasansa tsukewa, wace da'ira za a auna? Maganin wannan shi ne a auna duka biyun, a matse gaskiya a tsakani. A yanka rabin ƙwallon gida biyar, kowane kaurin santimita ɗaya. Idan aka ɗauki fuskar ƙasa ta kowane yanki, wadda ta fi faɗi, lambobin su ne 25, 24, 21, 16 da 9, jimla 95, kuma mun san wannan ya zarce gaskiya. Idan aka ɗauki fuskar sama, 24, 21, 16, 9 da sifili, jimla 70, wannan kuma ya gaza. Gwangwani yana da 25 sau biyar, wato 125. Kason ƙwallo ke nan yana tsakanin 56 da 76 cikin ɗari. A yanka gida goma, ragar ta tsuke zuwa tsakanin 61.5 da 71.5. A yanka gida ɗari, ta koma tsakanin 66.2 da 67.2. Tazarar tana raguwa daidai da yadda yankan yake ƙaruwa, kuma lamba ɗaya tak ce ba ta taɓa faɗuwa waje, ita ce 66 da biyu bisa uku. A ganina wannan matsewa ita ce ɓangaren da ya fi cancanta a koya wa ɗalibi, kuma ita ce aka fi tsallakewa a aji.

Wanda ya fara tabbatar da wannan rabo shi ne Arkimidis, Bagirken birnin Sirakusa da ke tsibirin Sisili, wanda aka haifa wajen shekara ta 287 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Kason mazurari ya gada ne: shi da kansa ya rubuta cewa Dimokritas ne ya fara faɗinsa, Yudoksas kuma ya kafa masa hujja, kuma hujjar tana cikin kashi na sha biyu na littafin Yuklid. Abin da ya gagari kowa kafin shi shi ne ƙwallo. Ya rubuta sakamakon a littafinsa na ƙwallo da silinda, ya aika wa Dositiyas a Iskandariyya ta Masar. Hanyar da ya bi a littafin ba ita ce wadda muka bi a sama ba. Ya zana siffofi masu gefe da yawa a cikin da'ira da wajenta, ya juya su suka zama jikkuna da suka matse ƙwallo ciki da waje, ya nuna girmansa ba zai fi ninki huɗu na mazurarin nan namu ba, ba zai kuma gaza ba. A gwada: 131 sau huɗu, 524.

Hujjar tana da ƙarfi, amma tana da wani abu mai ban haushi: sai ka riga ka san amsa kafin ka iya amfani da ita. Masana sun shafe ƙarnuka suna tambayar yadda aka yi ya san amsar tun farko. A 1906 wani masani ɗan ƙasar Denmak, Johan Ludvig Heiberg, ya duba wani littafin addu'o'in Kirista a birnin Santambul, wanda aka rubuta a ƙarni na 13 a kan fatun da aka kankare tsohon rubutunsu. A ƙarƙashin addu'o'in ya gano rubuce-rubucen Arkimidis, har da wata wasiƙa zuwa ga Iratostinis da aka ɗauka ta ɓace. A cikinta ya tona asirinsa. Ashe shi ma yanka ya yi. Ya ɗora yankan ƙwallo da na mazurari a hannu ɗaya na ma'auni, yankan silinda a ɗaya hannun, ya nuna suna daidaita a kowane tsayi, duk a cikin tunani. Mazurarinsa da silindarsa sun ninka namu faɗi, amma ƙashin bayan dabarar ɗaya ne. Ya kuma faɗa ƙarara cewa wannan hanya ta gano amsa ce, hujja sai an zo da ita daban. Hanyar yanka ba ta sake samun gindin zama a Turai ba sai da Bonaventura Cavalieri ya buga littafinsa a 1635, alhali a ƙasar Sin, Zu Chongzhi da ɗansa Zu Geng sun riga sun yi aiki da ita kan ƙwallo tun wajen ƙarni na 5.

Akwai kuma ƙari da ya sa Arkimidis ya fifita wannan sakamako. Fatar ƙwallonmu filinta 100 sau π ne. Jikin gwangwanin, bango da gindi da murfi, 150 sau π. Biyu bisa uku kuma. Marubuci Fulutak ya ba da labarin cewa ya roƙi danginsa su sa hoton ƙwallo cikin silinda a kan kabarinsa, tare da rabon da ke tsakaninsu. Wani sojan Rum ya kashe shi a shekara ta 212 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), lokacin da rundunar Marsilas ta ci Sirakusa. A shekara ta 75, Sisaro, yana ma'aikacin Rum a Sisili, ya nemi kabarin alhali mutanen garin suna musun akwai shi. Ya same shi cikin ƙaya da sarƙaƙiya kusa da ƙofar gari, kuma da hoton nan ya gane shi. Littafin kuwa ya shiga Larabci a Bagadaza a ƙarni na 9, Sabit bin Ƙurra yana cikin waɗanda suka yi aiki a kansa, Nasiruddin Aɗ-Ɗusi kuma ya sake tace shi a ƙarni na 13.

Wanda zai gwada abin da ruwa, ya kula da sharaɗin farko, don a nan aka fi yin tuntuɓe: dole tsayin gwangwani ya yi daidai da faɗinsa. Da yawan gwangwanayen kasuwa sun fi faɗinsu tsayi. Idan ƙwallonmu ya shiga gwangwani mai tsayin 12 maimakon 10, kasonsa ya faɗo zuwa kusan 56 cikin ɗari, ba don lissafi ya karye ba, sai don gwangwanin ba nasa ba ne. Kuskure na biyu a takarda yake faruwa: a saka cikakken faɗi inda ake son rabinsa. Alamarsa ba ta ɓuya, amsar takan fito ninki takwas, ƙwallo ya fi gwangwanin da yake ciki girma. Duk wanda ya riƙe biyu bisa uku a ka, yana da abin duba aikinsa.

Rabon yana jure wasu sauye-sauye. Ƙwallo uku jere a dogon gwangwani da ya yi musu cif, kasonsu biyu bisa uku ne, don kowane yana da nasa ɗakin. Idan aka ja ƙwallo ya yi tsawo bai-ɗaya, aka ja gwangwanin tare da shi, rabon yana nan, kuma Arkimidis ya tabbatar da wannan ma a wani littafi. Shi ya sa mai son kimanta girman doguwar kankana zai iya auna faɗinta da tsawonta, ya yi lissafin silinda, ya zubar da kashi ɗaya cikin uku. Amma ɗura ƙananan ƙwallaye barkatai cikin gwangwani wata magana ce daban. Idan aka girgiza su suka zauna, sukan cika kusan 64 cikin ɗari, lambar da ta yi kusa da tamu amma ba su haɗa dangi ba.

Biyu bisa uku kuma na cikakken ƙwallo ne, ko cikakken rabinsa. Ba ya aiki a kan ɓangare. A ɗauki kwano mai siffar rabin ƙwallo, zurfinsa santimita 5, wanda yake cin mililita 262. A zuba ruwa zuwa rabin zurfinsa. A gwangwani da wannan rabin awo ne, amma a nan ruwan yana zaune ne inda yankan suka fi ƙanƙanta, wurin da mazurari ya kwashe kaso mafi tsoka. Lissafin yankan ya ba da biyar bisa sha shida, kusan mililita 82, bai ma kai ɗaya bisa uku ba. Kafin kwanon ya ɗauki rabin abin da yake ci, sai ruwa ya hau kusan santimita 3.3 cikin biyar ɗin.